Kacici-kacicin makunnai uku da ƙwan lantarki ɗaya

Kacici-kacicin makunnai uku da ƙwan lantarki ɗaya wasa ƙwaƙwalwa ne da ake samu a littattafan kacici-kacici, a wasu lokutan kuma ana yi wa masu neman aiki shi a matsayin tambaya don a ga yadda suke tunani. Ana buƙatar mutum ya gano wanne ne daga cikin makunnai uku yake kunna wani ƙwai da ke cikin rufaffen ɗaki, alhali sau ɗaya tak aka yarda ya shiga ɗakin. Amsarsa ta dogara ne a kan cewa ƙwan lantarki irin na da ba haske kaɗai yake bayarwa ba, yana kuma yin zafi, zafin nan kuwa ba ya gushewa nan take idan an kashe shi.

## Yadda ake gabatar da shi

Akwai ɗaki mai ƙofa ɗaya, ba taga, ba wata kafa da haske zai fito. A ciki akwai ƙwai ɗaya a kashe. A waje, jikin bango, akwai makunnai uku, duka a kashe, kuma ana iya gane kunnawa da kashewar kowanne. Ɗaya daga cikinsu ne yake haɗe da ƙwan, sauran biyun ba su haɗe da komai. Mutum yana da damar ya kunna ya kashe yadda ya ga dama, ya ɗauki tsawon lokacin da yake so, amma da zarar ya buɗe ƙofa ya shiga, ba zai ƙara taɓa makunni ba. Daga nan sai ya faɗi amsa, kuma ba a yarda da cinke ba.

## Dalilin da ya sa ido kaɗai ba ya isa

Idan mutum ya dogara da gani, abu biyu kawai zai iya tararwa a ɗakin: ko ƙwan yana ci, ko ba ya ci. Makunnai kuwa uku ne. Duk yadda ya jera su kafin ya shiga, kowane makunni yana kunne ne ko yana kashe, don haka dole biyu daga cikinsu su kasance a hali ɗaya. In ya kunna na farko kawai, ya tarar da haske, ya dace. In ya tarar da duhu, ya san ba na farko ba ne, amma bai san ko na biyu ne ko na uku ba. In kuma ya kunna biyu ya bar ɗaya, matsalar ta juya ne kurum: duhu zai ba shi amsa, haske ya bar shi cikin kokwanto. Ta kowace hanya, a kan makunni ɗaya ne cikin uku zai sami tabbaci.

Masana ilimin sadarwa suna auna wannan da lamba. Tun daga aikin da Claude Shannon ya wallafa a 1948, ana kiran bayanin da ke cikin amsar “e ko a'a” da sunan bit ɗaya. Kallon ƙwan ba ya ba da fiye da bit ɗaya, alhali tantance abu ɗaya daga cikin uku yana buƙatar log₂3, wato kusan bit 1.58. Saboda haka rashin dabara ba shi ne matsalar ba, abin da ake aunawa ne bai isa ba. Duk wanda yake son warware kacici-kacicin sai ya nemo wani abu na uku da ƙwan zai iya nunawa.

## Amsar

Mutum zai kunna makunni na farko ya bar shi kamar minti biyar zuwa goma, sannan ya kashe shi. Nan take sai ya kunna na biyu, ya buɗe ƙofa ya shiga, na uku kuwa ba zai taɓa shi ba sam. Idan ƙwan yana ci, makunni na biyu ne. Idan ba ya ci, sai ya kai hannu kusa da gilashin. In ya ji ɗumi, na farko ne, domin shi ne ya ci wuta har ya yi zafi kafin a kashe shi. In ya ji shi da sanyi kamar sauran kayan ɗakin, to wuta ba ta bi ta cikinsa ba, na uku ne.

Abin lura a nan shi ne, haske yana faɗin halin da makunni yake ciki a yanzu, zafi kuma yana faɗin halin da ya kasance a ciki ɗazu. Kamar tokar murhu ne, wadda ɗuminta yake nuna an yi girki ko da ba a ga harshen wuta ba. Ta haka shiga ɗaya ta zama tamkar dubawa biyu, ɗaya a kan yanzu, ɗaya a kan abin da ya wuce.

## Inda zafin yake fitowa

A cikin ƙwai irin na da akwai siririyar waya ta ƙarfen tangistin da aka nannaɗe. Idan wuta ta bi ta cikinta, takan yi zafi fiye da digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, har ta yi fari ta ba da haske. An zaɓi tangistin ne domin ba ya narkewa sai ya kai kusan digiri 3,400. Irin wannan ƙwai mai ɓarnar wuta ne ƙwarai: fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama, ɗan abin da ya saura ne yake zama hasken da ido ke gani. Ƙwai mai wat 60 yana cin jul 60 na makamashi a kowace daƙiƙa. A minti biyar, wato daƙiƙa 300, ya ci jul 18,000, kuma akasarinsu sun fita ne a matsayin zafi. Wani kaso yana ratsa gilashin ya bazu a ɗaki, wani kuma gilashin da ƙarfen gindin ƙwan ne suke riƙe shi.

Sirrin kacici-kacicin yana cikin bambancin saurin hucewa. Wayar ciki siririya ce, ba ta da nauyi, don haka haskenta yakan mutu kafin daƙiƙa ɗaya ta cika bayan an kashe makunni. Gilashin kuwa ya fi ta nauyi nesa ba kusa ba, kuma iska ce take ɗauke masa zafi a hankali, shi ya sa yake ɗaukar mintoci kafin ya huce. Da su biyun suna hucewa tare, da babu amsa.

Shi ma ɗumin gilashin ba ya daɗewa. Isaac Newton ya bayyana a 1701 cewa saurin hucewar abu yana tafiya ne daidai da tazarar da ke tsakanin zafinsa da na wurin da yake. A ɗauka, don misali kawai, ɗakin yana kan digiri 30, gilashin ya kai 110, kuma tazarar tana raguwa da rabi duk bayan minti biyu. Lokacin kashewa tazarar 80 ce. Bayan minti biyu ta koma 40, bayan huɗu 20, bayan shida 10, bayan goma kuma ta sauka zuwa biyu da rabi, abin da da wuya hannu ya rarrabe. Wanda ya kashe makunni na farko sannan ya tsaya hira a bakin ƙofa zai tarar da ƙwai mai sanyi, ya ce na uku ne, ya faɗi ba daidai ba. Akasin haka ma akwai haɗari, domin gilashin ƙwan da ya jima yana ci zai iya ƙona yatsa. Ya fi kyau a kusantar da bayan hannu, ba a damƙe shi ba.

## Makunnai huɗu

Tunda haske yana da hali biyu, zafi ma yana da biyu, haɗa su yana ba da 2 × 2 = 4. Amsar da aka saba da ita uku kawai take amfani da su, ta bar na huɗu. Idan makunnan huɗu ne, sai a kunna na farko da na biyu na tsawon minti goma, a kashe na biyu, a kunna na uku, a shiga da sauri. Haske da zafi na nuna na farko. Duhu da ɗumi na nuna na biyu. Haske amma gilashi da sanyi na nuna na uku, duhu da sanyi kuma na huɗu. A takarda lissafin ya fita, amma a aikace ya fi rauni, domin ƙwan da aka kunna yanzu yakan fara ɗumi cikin ƙanƙanin lokaci, sai bambancin na farko da na uku ya dushe.

A ƙa'ida ana iya wuce huɗu, tunda zafi hawa-hawa ne. Mai na'urar auna zafi zai iya kashe makunnai ɗaya bayan ɗaya a lokuta daban-daban, ya karanta daga zafin gilashin tsawon lokacin da ƙwan ya yi a kashe. Iyakarsa ita ce ingancin na'urar da saurin hucewar gilashin.

## Inda amsar take rushewa

Kacici-kacicin yana ɗauke da sharuɗɗan da ba a cika faɗa ba. Dole ƙwan ya kasance da sanyi tun farko, hannu ya iya kai wa gare shi, kuma kada a ɗauke wuta a tsakiyar gwajin. In aka ɗauke wuta daidai lokacin shiga, makunni na biyu zai ba da duhu da sanyi, wato alamar na uku. A ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana, ƙwan da ke kusa da rufi zai iya yin ɗumi ko ba a kunna shi ba, sai an gwada shi da wani abu da ke kusa da shi.

Babban abin da ya raunana shi a yau shi ne sauyin ƙwayaye. Tarayyar Turai ta fara janye ƙwai mai waya daga kasuwa a 2009, wasu ƙasashe da dama ma sun bi wannan hanya. Ƙwan LED mai kimanin wat 9 yana ba da hasken da ya kai na tsohon mai wat 60, don haka zafin da yake fitarwa kaɗan ne. Ba wai ba ya yin zafi ba ne, sai dai zafin yana taruwa a gindinsa, inda kayan lantarkinsa suke, murfin robar kuma yakan zauna da ɗan ɗumi kawai. Mai son gwada amsar da shi sai ya bar shi ya daɗe a kunne, ya taɓa gindin ba saman ba.

## Alaƙarsa da wasu fannoni

Masana halayyar ɗan Adam suna danganta wuyar wannan tambaya da abin da Karl Duncker ya yi nazari a kansa, a aikinsa da ya fito da Turanci a 1945: mutum yakan kafe a kan amfanin da ya saba gani ana yi da abu, ya kasa ganin wani. Wanda ya ɗauki ƙwai a matsayin abin haske kawai ba zai tuna da hannunsa ba.

A fannin tsaron na'urori ma ana amfani da wannan dabara ta karanta abin da ya wuce daga ragowar zafi. A 2011, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun nuna cewa kyamarar da ke ganin zafi tana iya gano lambobin sirrin da mutum ya danna a madannin injin cirar kuɗi, daga ɗumin da yatsunsa suka bari, jim kaɗan bayan ya tafi. Dabarar ta yi aiki a kan madannan roba, amma ba ta yi tasiri a kan na ƙarfe ba, saboda ƙarfe yana watsa zafin da sauri.