An biya ka kuɗin shekara a dunƙule: nawa ne naka a wannan watan?

"Malam akanta, wani asibiti a Argungu ya biya mu kuɗin intanet na shekara guda, naira 2,400,000, daga 1 ga Oktoba. Me zai hana in rubuta shi duka a cinikin Oktoba?"

Domin aikin wata ɗaya ka yi, Alhaji, saura goma sha ɗaya. Na amsa wannan tambaya a Birnin Kebbi, na amsa ta a Jega, har na gaji da jin muryata. Kuɗin ya shiga banki, wannan gaskiya ne, amma abin da ka karɓa kafin alƙalami ne. Asibitin yana bin ka intanet har 30 ga Satumbar baɗi. Duk watan da ya ƙare layinsu yana aiki, ka ci naira 200,000, wato 2,400,000 raba 12. Abin da ya rage bashi ne a wuyanka, bashin aiki.

"To ina zan ajiye sauran?"

A wani asusu na ɓangaren basussuka. A manhajar lissafi za ka gan shi da sunan Deferred Revenue ko Unearned Revenue. Ƙa'idar lissafi ta duniya, IFRS 15, wadda ta fara aiki a 2018, tana kiransa Contract Liability. Duk abu ɗaya ne, kada sunayen su ruɗa ka. Tunda cikin shekara guda za ka sauke nauyin, yana zama ne tare da basussukan da za a biya nan kusa.

Ranar da ka fitar da inbois, da harajin VAT na kashi 7.5 a kansa, wato 180,000, ga yadda za ka shigar. Dr shi ne ɓangaren hagu na asusu, Cr na dama, Accounts Receivable kuma bashin da kake bin kwastoma:

```
Dr Accounts Receivable   2,580,000
Cr Deferred Revenue      2,400,000
Cr VAT Payable             180,000
```

Idan sun biya, ka ɗauke 2,580,000 daga kansu ka kai banki. Sannan a ƙarshen kowane wata:

```
Dr Deferred Revenue   200,000
Cr Service Revenue    200,000
```

Sau goma sha biyu, shi ke nan. Idan shekarar lissafinka tana rufewa 31 ga Disamba, cinikin wannan kwangila a bana 600,000 ne, 1,800,000 kuma zai tsallaka baɗi a matsayin bashi.

"Ke nan ba zan taɓa kuɗin ba sai wata ya yi?"

Taɓa abinka. Ba wanda ya ce ka kulle shi a akwati. Maganar littafi muke yi, ba maganar banki ba. Amma idan ka kwashe shi ka sayi fili a Oktoba, ka tuna kuɗin data, man janareta da albashin yaranka suna nan suna jiranka kowane wata, kuma asibitin ba zai sake ba ka ko sisi ba sai shekara ta zagayo.

"Harajin ma sai in raba shi goma sha biyu?"

A'a! Wa ya gaya maka? Naira 180,000 ɗin nan ba taka ba ce tun farko, karɓar wa gwamnati ka yi. VAT yana bin inbois ne, ba ya bin jadawalinka. Inbois na Oktoba, sai ka kai rahotonsa ka biya kada ya wuce 21 ga Nuwamba. Shi ya sa a sama na ware shi tun ranar farko. Masu zuba 2,580,000 gaba ɗaya cikin Deferred Revenue suna cin 215,000 a wata, su kumbura cinikinsu da kuɗin da ba nasu ba, ranar da masu haraji suka zo kuma a fara zufa.

"Gaskiya, Malam, 1 ga wata aka rubuta a inbois, amma sai 20 ga Oktoba muka haɗa musu layin. Yaya zan yi da wannan guntun watan?"

Ka ga irinta ko? Da wannan ya kamata ka fara. Zauna, domin nan ne maganar take da tsawo, kuma amsar ba guda ɗaya ba ce.

Abu na farko, ɗauko takardar yarjejeniya, ba inbois ba. Ranar inbois ba ta da ruwa da lokacin da ka fara cin kuɗi, haka ma ranar da alat ya shigo wayarka. Abin dubawa shi ne ranar da kwastoma ya fara amfana da ranar da alƙawarinka zai ƙare. Idan kun yi da su cewa shekararsu za ta fara daga ranar haɗawa, to wa'adin ya zama 20 ga Oktoba zuwa 19 ga Oktoban baɗi, kuma jadawalinka zai ratsa watanni goma sha uku na kalanda, biyu daga ciki guntaye. Idan kuwa takardar ta ce komai rintsi 30 ga Satumba ce ƙarshe, sai ka fara tambayar kanka ko asibitin zai nemi ragin kwana 19 da bai samu komai ba. Idan akwai alamar zai nema, wannan kason kada ka sa shi a ciniki, kuɗin mayarwa ne. Bari mu ɗauka na farkon ne, domin shi na fi gani.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, ka bar wata a kan 200,000 ɗinsa, ka yanka watan farko kawai. Daga 20 zuwa 31 ga Oktoba kwana 12 ne, ka ƙirga da ranar 20 ɗin kanta, nan mutane ke yar da kwana ɗaya. Kwana 12 cikin 31 na 200,000 ya ba ka 77,419. Daga Nuwamba zuwa Satumba wata 11 cikakku, 2,200,000. Oktoban baɗi ya ɗauki ragowar, 122,581. Haɗa su, za ka koma kan 2,400,000 daidai.

Ta biyu, ka manta da wata, ka bi kwana. Raba 2,400,000 da 365, kowace rana ta kama naira 6,575 da 'yan kwabbai. A Excel, na Oktoba:

```
=ROUND(2400000*12/365,0)
```

Zai ba ka 78,904. Nuwamba mai kwana 30 ya tashi 197,260, Disamba 203,836, Fabrairu mai kwana 28 kuma ya sauko 184,110. Wannan ta fi daidai, sai dai cinikin yana ɗan hawa da sauka, kuma na san mai gidan da zai kira ka ya ce me ya faru a Fabrairu.

Wacce ta fi? Duba ƙarshen Disamba. Ta farko ta ba ka 477,419, ta biyu ta ba ka 480,000, domin kwana 73 ne, kashi ɗaya cikin biyar na shekara cif. Bambancin naira 2,581 ne. A kan kwangila ɗaya, ban taɓa ganin oditan da ya ɗaga gira saboda wannan ba. Ni dai ga ƙaramin kamfani mai kwastoma goma ko ashirin, ta farko nake bi, domin ko yaron ofis zai iya duba ta da ido. Idan kwastomominka sun kai ɗaruruwa, kowa da ranar farawarsa, bar wa manhaja ta bi kwana. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka yi wa asibitin Argungu ta wata, ka yi wa otal ɗin Yauri ta kwana, baɗi kuma ka juya. Zaɓi ɗaya, rubuta shi, ka tsaya a kai.

Amma fa duk wannan rabon daidai-wa-daida yana tafiya ne idan aikin naka iri ɗaya ne kullum, kamar intanet ko gadi, inda kwastoma yake amfana dare da rana. A ce kwangilar ta duba sola ce sau huɗu a shekara, ba komai a tsakani, to ina ganin kowane zuwa ne ke cin 600,000, ba wata ba. Idan kuma sau huɗun ne amma da sharaɗin duk lokacin da inbata ta lalace su kira ka ka zo, zaman shirin da kake yi shi ma aiki ne, sai rabon wata-wata ya fi kusa da gaskiya, ko ma a raba kwangilar gida biyu. Haka idan cikin 2,400,000 akwai kuɗin na'urar da ta zama mallakarsu tun ranar haɗawa, wannan sayarwa ce, ana cinta nan take, ragowar ake shimfiɗawa. Waɗannan ba na yanke hukunci a kansu ta waya. Kawo takardar in karanta, ko ka zauna da oditanka tun kafin Disamba, ba bayan ya zo ba.

"Na tura inbois na baɗi tun yanzu, ba su biya ba, aikin bai fara ba. In shigar?"

Dakata. Har sai kuɗin ya shigo ko lokacin biyansa ya yi bisa yarjejeniya, babu abin shigarwa a wannan asusu. In ba haka ba, ka kumbura bashin da kake bi da wanda ake bin ka da iska kawai. Amma ka lura da VAT: tunda inbois yake bi, idan tunatarwa kawai kake so, tura Proforma Invoice, wato takardar sanar da farashi wadda ba ainihin inbois ba ce.

"Idan suka fasa a tsakiyar shekara fa?"

Abin da ka riga ka ci ya ciwu. Ragowar da ke asusun, idan yarjejeniya ta ce a mayar, ka mayar tare da VAT ɗinsa ta hanyar Credit Note, wato takardar rage kuɗin inbois. Idan ta ce babu mayarwa, kuma ba sauran aikin da suke bin ka, ranar ya zama ciniki. Ka samu fasawar a rubuce.

"Ta yaya zan gane an yi kuskure a littafina?"

Wannan tambayar wata Hajiya ce ta yi ta. Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan ciwo ne mai saurin nuna kansa. Buɗe rahoton riba wata-wata. Idan kika ga wata ɗaya ya yi tsalle sama, sauran duk asara, an cinye inbois na shekara a zama ɗaya. Na taɓa karɓar littafin wani kamfanin gadi inda aka raba riba a Janairu saboda haka, kafin azumi albashi ya gagara.

Sannan ki riƙe jadawali, layi ɗaya ga kowane kwastoma: ranar farawa, ranar ƙarewa, jimla ba tare da haraji ba, abin da aka ci, abin da ya rage. Kowane ƙarshen wata ki haɗa ragowar duka, dole ta yi daidai da abin da ke cikin Deferred Revenue a littafi. Idan asusun bai motsa ba tun Oktoba, an manta da shigarwar wata-wata. Idan ya faɗa ƙasa da sifili, galibi kwangila ta ƙare amma shigarwar da aka saita a manhaja tana ta maimaita kanta, ko an sabunta kwangilar an zuba sabon inbois kai tsaye a ciniki. Idan kuma naira ɗaya ko biyu ce ta maƙale bayan wa'adi ya cika, kwabban da aka yi ta yankewa ne. Watan ƙarshe kada ki lissafa shi da fomula, ki ba shi duk abin da ya rage.