Ƙarambau a Jikin Ɗan Makaranta: Ƙaiƙayi, Tabo da Mai Juna Biyu a Gida

*Ɗana mai shekara 7 ya tashi ranar Litinin da zazzaɓi da ƙuraje masu ruwa a ƙirji da baya, a asibiti aka ce ƙarambau ne. Yaushe zai koma makaranta?*

Malama, sai ranar da kowane ƙurji ya bushe ya yi ɓawo, wanda yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7 daga fitowar na farko. Ƙurajen ba sa fitowa lokaci guda, shi ya sa za ki ga sabo mai ruwa kusa da wanda ya riga ya bushe, kuma muddin akwai mai ruwa ko da guda ɗaya ne, yaron yana iya yaɗa cutar. Ki duba cikin gashin kansa da bayan kunnuwansa kafin ki yanke hukunci. Haka kuma makarantar allo da Islamiyya duk su jira.

*Ƙaiƙayin ya hana shi barci. Me zan yi masa?*

Zafi da gumi su ne ke tsananta ƙaiƙayi, saboda haka maganar da ake yi cewa ba a yi wa mai ƙarambau wanka ba ta da tushe. Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗan sanyi, ba tare da soso ba, sannan ki riƙa ɗora tawul a hankali har jikin ya bushe, kada ki goge. Bayan haka ki ɗiga kalamin, maganin shafawa mai rage ƙaiƙayi, a kan ƙurajen da auduga, ban da kusa da ido da cikin baki, ki sa masa riga mai faɗi marar nauyi. Idan dare ne ya fi wahala, ma'aikacin lafiya zai iya ba shi firiton daidai shekarunsa, domin yana rage ƙaiƙayi kuma yana kawo barci.

Don zazzaɓi, farasitamol kaɗai za ki ba shi: miligiram 250 ga yaro mai shekarunsa, kada ya wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Asfirin yana iya jawo wa yaro mai wannan cuta mummunar illa a hanta da ƙwaƙwalwa, ibufurofen kuma an danganta shi da ruɓewar fata mai tsanani, don haka ki karanta abin da ke cikin duk maganin da aka miƙo miki a kemis.

*Ina tsoron tabo ya ɓata masa fuska.*

Tabon iri biyu ne. Baƙin ɗigon da ke saura bayan ɓawo ya faɗi da kansa yakan dushe cikin watanni. Wanda ke zama har girma shi ne mai rami, kuma yawanci farce ne ke haddasa shi, idan ya ɓanɓare ɓawon kafin lokacinsa ya shigar da ƙwayoyin cuta cikin naman da bai warke ba. Ki yanke masa farce ƙwarai, ki riƙa wanke masa hannu da sabulu, da dare kuma ki sa masa safa mai tsabta a hannuwa, tun da yawancin susar cikin barci ake yin ta. Ki koya masa ya riƙa danna wurin da tafin hannu maimakon sosawa. Toka da man bilicin da duk wani haɗi da ba a san abin da ke cikinsa ba, kada su taɓa ƙurjin da ya fashe.

Idan kika ga ƙurji ya kumbura, gefensa ya yi zafi, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya wuce kwana 4, ko ya sauka ya sake dawowa, ki mayar da shi asibiti a ranar. Numfashi da ƙyar, sanƙarewar wuya, tangaɗi wajen tafiya ko barcin da ba a iya tashe shi, waɗannan ba sa jiran wayewar gari.

*Ƙanwata mai ciki wata biyar tana zaune tare da mu, kuma ba ta tuna ko ta taɓa yin ƙarambau ba.*

Ita ce ta fi yaron bukatar gaggawa. Cutar tana bin iska, kuma mai ita yana fara yaɗa ta kwana 1 zuwa 2 kafin ƙuraje su bayyana, wato tun ranar Asabar ƙanwarki take shaƙarta. Raba ɗaki yana da amfani, amma bai wadatar ba, domin kusan mutum 9 cikin 10 na mazauna gida ɗaya da ba su taɓa yi ba sukan kamu. Kada kuma a ɗauka cewa duk babba ya riga ya yi, saboda a ƙasashe masu zafi mutane da yawa suna girma ba su gamu da ita ba.

Ta fara tambayar mahaifiyarku, sannan ta je wurin awon ciki yau, ta sanar da su tun daga ƙofa don kada a zaunar da ita cikin sauran masu ciki. Akwai gwajin jini da ke nuna ko tana da kariya, akwai kuma maganin da ake bayarwa bayan cuɗanya, amma lokacinsa ƙayyadadde ne. Allurar rigakafin ƙarambau ba a yi wa mai ciki. Haɗarin da ake guje mata shi ne ciwon huhu mai tsanani, tare da illa ga abin da ke cikinta.

Wannan hukunci ya shafi jariri sabon haihuwa, da mai cuta mai karya garkuwar jiki, da wanda ake yi wa maganin daji, da mai shan maganin faradinisolon, wanda ke raunana garkuwar jiki, na dogon lokaci. Alamun sukan bayyana tsakanin kwana 10 zuwa 21 bayan cuɗanya, don haka ku ci gaba da lura da su har mako uku bayan yaron ya warke, kuma duk wanda ƙurji ya fito masa cikinsu a kai shi asibiti nan take, domin asikulobir, maganin da ke yaƙar ƙwayar cutar, ya fi aiki idan aka fara shi cikin awa 24 na farko.