Awon girman fili marar daidaito ta hanyar yanka shi alwatika da mustaɗili

Wannan hanya ce ta gano girman filin da gefunansa ba su daidaita ba. Ana yanka shi a kan takarda zuwa gutsattsari masu sauƙin lissafi, a fitar da girman kowanne, sannan a tara. Siffa biyu ake amfani da su: alwatika mai kusurwa uku, da mustaɗili, wato mai kusurwa huɗu da kowace kwanarsa ta tsaya cak kamar ta bulo. A Zariya ana yawan buƙatarta wajen rabon gado da cinikin gona, musamman a cikin birni, inda kangaye ke bin lanƙwasar lungu, ba kamar fulotan awon gwamnati masu ƙafa 50 da 100 ba.

Kayan aikin tef ne, da turaku, da igiya. Ana kafa turke a kowace kwana, a zana fasalin filin, a auna kowane gefe. Sai kuma a ja igiya ta tsakiya daga wata kwana zuwa wata. Wannan igiyar ita ce ran aikin, kuma ita aka fi mantawa.

Girman mustaɗili shi ne tsawo sau faɗi. Na alwatika kuwa rabin gindi sau tsayi ne, amma tsayin da ake nufi shi ne layin da ya sauko a miƙe daga ƙololuwa zuwa gindi, ba gefen da ya karkata ba. Samun wannan layi a cikin gona yana da wuya, don haka aka fi dogara da ƙa'idar Heron, masanin lissafi na Iskandariyya a ƙarni na 1 Miladiyya. Gefuna uku kawai take buƙata, wato a da b da c; s rabin jimillarsu ne, A kuma girman alwatikar:

```
s = (a + b + c) ÷ 2
A = √(s(s − a)(s − b)(s − c))
```

A ɗauki misalin fili mai kwana biyar a wajen Samaru, wanda gabashinsa ya yi tsini. Idan aka ja igiya a gindin tsinin, filin ya rabu biyu: mustaɗili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 30, da alwatika mai gefuna 30 da 28 da 26. Mustaɗilin ya ba da murabba'in mita 1,200. Jimillar gefunan alwatikar 84 ce, rabinta 42. A cire kowane gefe daga 42, a sami 12 da 14 da 16. Idan aka ninka 42 da waɗannan ukun za a sami 112,896, kuma lambar da za a ninka da kanta ta ba da haka ita ce 336. Filin gaba ɗaya murabba'in mita 1,536 ke nan. Tun da fulotin 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, filin ya kai fuloti uku da kusan sulusi.

Sai dai kafin a kira ɓangaren farko mustaɗili, dole a tabbatar. Ganin ido ba hujja ba ne. In kwanoninsa sun tsaya daidai, igiya daga kwana zuwa kishiyarta za ta ba da mita 50, bisa dabarar 3, 4, 5 da magina ke fitar da harsashi da ita. A ce filin ya ɗan kwanta gefe guda, igiyar ta nuna mita 44. Gefuna ba su canza ba, amma yanzu alwatika biyu ne masu gefuna 40 da 30 da 44, kowace kusan 583, jimilla 1,166. An rasa murabba'in mita 34, abin da ya fi ɗaki biyu masu ƙafa 12 da 12.

Nan ne lissafin da wasu dillalai ke yi yake karyewa. Sukan haɗa tsawo biyu su raba biyu, su yi wa faɗi haka, su ninka. A mustaɗili na gaskiya kaɗai wannan yake faɗawa daidai. A duk wani fili mai kwana huɗu da ba mustaɗili ba ƙari yake yi, bai taɓa ragi ba, don haka mai saye ne ke kwana ciki.

Hanyar tana da iyaka. Alwatika siririya kamar tsinke ba ta da amana, domin kuskuren taƙi ɗaya a tef yana iya sauya girmanta sosai. Gara a sake yankan ta wata kwana. A gangare, irin na bakin Kubanni, ana riƙe tef a kwance ɗauke daga ƙasa, don girman da ke shiga takarda na shimfiɗa ne, ba na tudu ba. Iyakar da ta lanƙwashe kuma sai an ƙara turaku a kanta, kuma abin da za a samu kusa ne, ba daidai wa daida ba. Wanda ya auna da ƙafa ya tuna murabba'in mita ɗaya kusan murabba'in ƙafa 10.76 ne, ba 3.28 ba. Domin gwaji, akan yanka filin ta wata hanya dabam a sake lissafi; in amsoshin biyu sun yi hannun riga, akwai gefen da aka auna ba daidai ba. Takardar mallaka kuwa awon safiyo mai lasisi take bi.