Gurbin da Babu Komai, Sifili da Karan Ɗori: Kada a Haɗa Su a Kwando Ɗaya

An ba ni jadawalin rahoton ƙyanda na wasu ƙananan asibitoci a Kaduna, yana cikin PDF, in mayar da shi Excel. Wasu gurabun babu komai, wasu 0, wasu karan ɗori (-). In cike su duka da sifili?

A'a, Malam. Sifili adadi ne: an duba, an ƙirga, ba a sami kowa ba. Gurbin da babu komai yana cewa ba mu san adadin ba, wataƙila rahoton watan ne bai iso ba. Karan ɗori kuwa ba shi da ma'ana ɗaya, sai abin da mai jadawalin ya nufa da shi.

A ɗauki misali na ƙirƙira: Kawo 12, Tudun Wada 6, Unguwar Rimi 0, Rigasa babu komai, Kakuri karan ɗori. Idan gurabun biyar suna B2 zuwa B6, `=AVERAGE(B2:B6)` zai ba da 6, domin Excel yana tsallake gurbin da babu komai da wanda ke ɗauke da rubutu, ya raba 18 gida uku. Da zarar ka cike biyun nan da sifili, sai ya raba 18 gida biyar, ya ba da 3.6. Jimilla tana nan 18 a duka biyun, shi ya sa wanda ya duba jimilla kaɗai ba zai ga ɓarnar ba. Ga shi kuma an shaida wa mai karatu cewa babu ƙyanda a Rigasa, alhali babu wanda ya faɗi haka.

To, yaya zan gane abin da karan ɗorin ke nufi?

Fara da bayanin da ke ƙasan jadawalin ko farkon rahoton. A wani wurin yana nufin babu ko ɗaya, a wani wurin ba a samu bayani ba, a wani kuma tambayar ce ba ta shafi wurin ba, kamar asibitin da ba a buɗe ba tukuna a watan.

In babu bayani, duba ko akwai 0 a wani gurbi na jadawalin. In akwai 0 kuma akwai karan ɗori, da wuya su zama abu ɗaya. In babu 0 ko ɗaya a duk jadawalin, mai yiwuwa daga Excel aka buga shi da tsarin `Accounting`, wanda ke nuna sifili a matsayin karan ɗori. An fi ganin haka a jadawalin kuɗi. Layin matsakaici, in akwai shi, yana taimakawa: a misalinmu, in sun rubuta 4.5, to da huɗu suka raba, wato ɗaya daga cikin gurabun biyu sifili suka lissafa shi.

Duk wannan hasashe ne. Tabbaci yana wurin ofishin da ya fitar da jadawalin, kuma kafin su amsa, ba a mayar da karan ɗori sifili.

Me zan rubuta a sabon fayil ɗin ke nan?

Sifili ya zauna 0. Abin da ba a sani ba a bar gurbinsa fayau, a ƙara wani layin tsaye da zai riƙe abin da ke cikin takardar asali:

```
asibiti,adadi,asali
Unguwar Rimi,0,0
Rigasa,,babu komai
Kakuri,,-
```

Da haka layin `adadi` ya zama lambobi zalla, lissafi ba zai tuntuɓe ba, karan ɗorin kuma bai ɓace ba. In aka bar shi a cikin lambobin, `pandas`, kayan aikin Python na sarrafa bayanai, zai karanta layin gaba ɗaya a matsayin rubutu. Kada kuma a danna `Space` a gurbi don a nuna babu komai: ido ba ya ganinsa, amma `COUNTA` na ƙirga shi.

Akwai gurabun da babu komai a ƙarƙashin sunan ƙaramar hukuma. Su ma in bar su?

Waɗannan daban suke. An haɗe gurabu ne, aka rubuta Igabi sau ɗaya don asibitoci da dama. A maimaita sunan a kowane layi, in ba haka ba da an sake jera bayanan za su rabu da ƙaramar hukumarsu. Wannan cikewa ta sunaye ce kawai, ba a yi wa lambobi.

Ta yaya zan tabbatar ban ɓata komai ba?

Kafin ka fara, ƙirga sifili nawa ne, gurabun da babu komai nawa, karan ɗori nawa a takardar asali. Bayan ka gama, `=COUNTIF(B2:B6,0)` ya ba da 1, `=COUNTBLANK(B2:B6)` ya ba da 2, wato Rigasa da Kakuri. In sifili ya ƙaru, duba ko ka jawo gurbin daga wani shafi da irin `=Sheet1!B5`, domin Excel na mayar da 0 idan gurbin da aka jawo babu komai a ciki.