Tokyo, Jakarta ko Chongqing, wa ya fi yawan mutane?

Malam, mun yi gardama a majalisa jiya nan Mabera, ni na ce Tokyo ce birnin da ya fi kowane yawan jama'a, wani ya ɗauko waya ya nuna min Jakarta, wani kuma ya kawo wai Chongqing. Wa ke da gaskiya?

Duk ku ukun babu maƙaryaci, inda kowa ya ja layin ƙarshen gari ne ya bambanta. Bari mu fara da gida. Mutumin da ke zaune Arkilla in ka tambaye shi ina yake zai ce maka Sakkwato, kuma haka ne, tunda daga gidansa har babbar kasuwa ba zai ratsa daji ba, gida ne jikin gida. Amma a takardar gwamnati ɗan ƙaramar hukumar Wamakko ne. Haka na Kwannawa, Dange Shuni ake lissafa shi. To in mai ƙidaya ya ce Sakkwato ta Arewa da ta Kudu kawai ne birni, ya zubar da su duka, in wani ya bi gine-gine har inda suka yanke sai adadinsa ya ɗara sosai.

Tokyo haka take. Tsakiyar birnin mai gundumomi 23 tana da mutum miliyan 9 da ɗoriya. Yankin da gwamnan Tokyo ke mulki, wajen miliyan 14. In ka haɗa da Yokohama da Saitama da Chiba, waɗanda suka manne da ita kuma mutanensu ke shiga jirgin ƙasa kullum su tafi aiki cikinta, sai ka ji miliyan 37. Wannan na ƙarshen shi ne ya daɗe yana ba ta na ɗaya.

To ya aka yi Jakarta ta wuce ta? Haihuwa ce?

Ina! Ma'auni aka canza. A rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 Tokyo ce a gaba, Delhi na biye, Jakarta ko cikin ashirin na farko ba ta shiga ba, saboda lokacin kowace ƙasa irin lissafinta take bayarwa, ita kuma Jakarta an ɗauki iyakarta ta hukuma ne kawai, mutum miliyan 10 da wani abu, aka bar su Bogor, Depok, Tangerang da Bekasi a waje alhali tuni suka haɗe da ita.

A rahoton 2025 sai aka auna kowa da mudu ɗaya. Ana yanka taswira gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya, duk gidan da ke da mutum 1,500 ko fiye sai a haɗa shi da maƙwabtansa masu irin wannan cunkoson, in jimlarsu ta kai 50,000 an samu birni, ba ruwansu da inda iyakar ciyaman ko gwamna ta tsaya. Da wannan Jakarta ta tashi da kusan miliyan 42, Dhaka kusan 37, Tokyo ta dawo ta uku da wajen 33, don gefe-gefenta da ba su da cunkoso sun fita daga lissafi.

Chongqing ɗin fa?

Wannan ni kam ban yarda a sa ta a gasar ba. Eh, ƙidayar Sin ta 2020 ta ba ta mutum miliyan 32, kuma a tsarin mulkinsu birni ake kiranta, shi ya sa in iyakar hukuma aka bi take wuce Tokyo mai 14 da Jakarta mai 10, amma faɗin ƙasarta ya haura murabba'in kilomita 82,000, wato kusan jihar Sakkwato sau uku, da duwatsu da gonaki da ƙauyuka a ciki. Kamar a ce daga yau jihar nan tamu sunanta birni, a haɗa Illela da Tambuwal da Isa a ce duk 'yan cikin gari ne.

Ta yaya zan gane wane irin lissafi ne in na ga jeri a waya?

Nemi faɗin ƙasar da aka ba birnin, ka raba yawan mutanen da shi. Gwada da Chongqing: miliyan 32 a raba da 82,000, ba ta ma kai mutum 400 a murabba'in kilomita ba, ko kusa da 1,500 ɗin can ba ta je ba. Da ka ga haka ka san lardi ne aka ɗora wa sunan birni. In kuma ka ga Paris can ƙasan jeri da wajen miliyan 2 kacal, to iyakar hukuma aka bi, don mutanen da ke kewaye da ita manne sun ninka na cikin sau da yawa. Jerin da ya fi ɓata lissafi shi ne wanda ya ba Tokyo 37 ya kuma ba Jakarta 10 a shafi guda, shi kam mudu biyu aka yi awo da shi.