Bizar aikin gona ta wata shida a Birtaniya: kwantiragi, masauki da dokar komawa

Wani manomin shinkafa daga Argungu: "Ejan ya ce in kawo naira miliyan uku ya samo mini gurbin aikin gona a Ingila. Haka ake yi?"

Ba haka ake yi ba, Malam, kuma kada ka ba shi ko kwabo. Bizar da ake magana a kanta sunanta Seasonal Worker visa. Manomin Birtaniya ma ba shi da ikon ɗaukar ka kai tsaye, balle ejan da ke zaune a Birnin Kebbi ko Gusau. Gwamnati ta danƙa aikin ne ga wasu 'yan kamfanoni da ta ba lasisi, irin su Pro-Force da Concordia da HOPS da Fruitful Jobs. Su ke zaɓen ma'aikaci, su ba shi lambar da ake kira Certificate of Sponsorship, sannan su tura shi gona. Idan babu wannan lamba, fom ɗin biza ba zai cika ba. Dokar ƙasar ta hana a karɓi kuɗin samar da aiki daga hannun ma'aikaci, kuma kamfanin da aka kama da haka lasisinsa na cikin haɗari.

Akwai maganar da ejan ba zai faɗa maka ba. Kamfanonin nan suna da ƙasashen da suka saba ɗauka, kuma a 'yan shekarun nan mafi yawan ma'aikatan daga Kirgistan da Tajikistan da Uzbekistan da Kazakistan suke fitowa. Doka ba ta hana ɗan Najeriya nema ba, amma sai in kamfani ya buɗe ɗauka a nan da kansa. Saboda haka ka shiga shafin kamfanin na ainihi ka duba ko Najeriya na cikin jerinsu. In ba ta ciki, an gama magana. Wanda kuma ya ce maka zai sa ka a shirin gona na Kanada mai suna SAWP, shi ma ka sallame shi, domin shirin na 'yan Meziko ne da wasu ƙasashen Karibiyan kaɗai.

Kuɗin da ya halatta ka kashe sanannu ne: fasfo, kuɗin biza wanda aka sa fam 319 a Afrilun 2025, zuwa Abuja ko Legas ɗaukar hoton yatsu, da tikitin jirgi. Ana kuma so a ga fam 1,270 sun kwana 28 a jere a asusunka, sai dai in kamfanin ya rubuta a Certificate of Sponsorship ɗin cewa ya ɗauki nauyin watanka na farko.

Daga Talata Mafara: "An ce wata shida ne. Ke nan albashin wata shida cur zan samu?"

A nan mutane suka fi ƙonewa. Wata shida iyakar zama ce da biza ta yarda da ita ga masu aikin kayan lambu, 'ya'yan itace da furanni. Ba alkawarin aiki ba ce. Abin da ke ɗaure gona shi ne kwanakin da aka rubuta a kwantiragi, kuma kwantiragi na bin amfanin gona ne. Tsinkar sitiroberi takan kai daga Mayu zuwa wajen Oktoba. Tuffa a yankin Kent ko Herefordshire kuwa 'yan makonni ne daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba. Wanda aka kira a watan Agusta zai iya samun mako goma kawai, alhali kuɗin biza da na jirgi da ya biya daidai suke da na wanda ya sauka tun Afrilu. Aikin kaji ma ya fi gajarta, domin bizarsa daga 2 ga Oktoba ce zuwa 31 ga Disamba.

Tun Afrilun 2023 doka ta wajabta a biya ma'aikaci aƙalla awa 32 a kowane mako. Wannan kariya ce mai kyau, amma ka lura da iyakarta: ta tabbatar da awoyin mako, ba ta tabbatar da yawan makonni ba. Idan 'ya'yan itace suka ƙare da wuri, ko gona ta sallame ka don ba ka cika ma'aunin tsinka ba, sai ka jira kamfani ya nema maka wata gonar. Kai da kanka ba ka da ikon shiga wata gona, ko wanke kwano a gidan abinci, ko gadi da dare. Duk wannan karya sharaɗin biza ne.

Bari mu yi lissafi da farashin da ya yi aiki daga Afrilun 2025 zuwa Maris 2026, domin duk Afrilu ana sabunta shi. Mafi ƙarancin ladan awa fam 12.21 ne. Awa 32 ta ba da fam 390.72 a mako. A cire kuɗin ɗaki fam 74.62, a cire inshorar ƙasa kusan fam 12, a cire haraji da zai iya kai wa fam 30. Abin da ya saura bai wuce fam 275 ba, kuma daga ciki za ka ci abinci, ka sa kati, ka biya motar zuwa kanti. A ce ka takura kanka ka kashe fam 60, kana ajiye fam 215. Idan biza da jirgi da zirga-zirga sun ci maka fam 1,300, makonni shida na farko na biyan bashi ne. Mai mako 24 zai dawo da abin kirki. Mai mako goma zai dawo da ribar mako huɗu, bayan ya bar gonarsa a tsakiyar damina, domin lokacin aikin can ya faɗo daidai da shuka da noma da girbin gero a nan. Kafin ka sa hannu ka tambayi abu uku a rubuce: ranar farawa, ranar ƙarewa, da abin da za a yi in aikin ya yanke kafin ranar.

Wata uwa daga Jega: "Ɗana zai tafi. Ina zai kwana, kuma kyauta ne?"

Ba kyauta ba ne, Hajiya. Galibi a cikin gonar ake saukar da su, a wasu gidaje masu kama da doguwar kwantena, da 'yan ɗakuna biyu ko uku, da kicin, da banɗaki. Mutum huɗu zuwa shida kan raba ɗaya, sau da yawa biyu a ɗaki. Kuɗin daga albashi ake cire shi kafin ya shigo hannu.

Doka a Ingila ta sa wa cirewar iyaka. A shekarar da muka yi lissafi da ita, fam 10.66 ne a kwana, wato fam 74.62 a mako. Abin da ya kamata ɗanki ya riƙe shi ne cewa kuɗin gas da wuta da wanki da kayan ɗaki, in gona ce ke cajin su, duk a cikin kuɗin masauki ake lissafa su. Misali, an cire masa fam 74.62, sannan aka ƙara fam 15 da sunan gas. Wannan fam 15 za a zare daga albashinsa a lissafin doka: fam 375.72 a raba da awa 32, ya fito fam 11.74 a awa. Ya faɗi ƙasa da 12.21, don haka gona ta ci masa haƙƙi, kuma yana da damar a mayar masa. Ba za a gane wannan ba sai da takardar albashi. Ya ajiye kowace, kuma ya riƙa rubuta a littafinsa lokacin da ya shiga gona da lokacin da ya fito, kullum, domin inda aka fi samun saɓani shi ne awoyin da aka yi da waɗanda aka rubuta.

Ranar da ya sauka ya ɗauki hoton ɗakin: bango, katifa, taga, murhu. Baƙin tabo a bango alamar danshi ce, kuma tana kawo tari. Ya duba na'urar ƙararrawar hayaƙi da ta gas suna aiki. Mu ƙara jan kunne a nan, domin yaranmu ba su san sanyin can ba: kada ya kunna murhun girki ya rufe tagogi don ɗumama ɗaki. Iskar da ke fita ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Masaukin yana tafiya da aikin, in aiki ya ƙare ɗaki ma ya ƙare. Idan wurin bai zaunu ba, ko ana cin zarafinsa, yana da ikon neman kamfanin da ya kawo shi ya canza masa gona, kuma ƙa'ida ta ce kada a ƙi sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ya nema a rubuce, ya ajiye amsar. Fasfonsa kuma a hannunsa zai zauna, ba wanda doka ta ba ikon riƙe masa shi.

"Zan iya tafiya da maiɗakina, ko in canza bizar in na isa?"

A'a, duka biyun. Ba a tafiya da iyali, ba a sauya ta zuwa wata biza daga cikin ƙasar, kuma ko sau goma ka je ba ta kai mutum ga takardar zama.

Daga Yauri: "Wanda ya je ya dawo, yaushe zai sake komawa? Gurbinsa na nan?"

A da ƙa'idar ita ce wata shida cikin kowane wata goma sha biyu. Daga Nuwamban 2025 aka mayar da ita wata shida cikin kowane wata goma. Wanda ya shiga 1 ga Mayu ya fito 31 ga Oktoba, a tsohuwar doka sai Mayu mai zuwa zai koma. Yanzu bayan wata huɗu a gida, wato daga farkon Maris, ƙofa ta buɗe masa. Ga mutumin Kebbi wannan na buƙatar tunani: wanda ya dasa shinkafar rani a Janairu ba zai yanke ta kafin Maris ba, sai ya zaɓa, ko ya bar wa wani amana.

Gurbi kam ba a ajiye shi. Kowace tafiya sabuwar lamba ce, sabon fom, sabon kuɗin biza. Ana iya nema tun wata uku kafin ranar fara aiki, amsa kuma takan fito cikin mako uku. Gonaki suna son tsofaffin hannu, don sun fi sauri kuma sun san aikin, shi ya sa sukan ba kamfani sunayen waɗanda suke so a dawo musu da su. Kafin ka baro, ka tambayi shugaban aiki ko sunanka na ciki, ka kuma tabbata lambar waya da imel da kamfani ke da su za su yi aiki a Najeriya. Ka karɓi takardar barin aiki mai suna P45 da kuɗin hutun da ka tara ba ka ci ba, sannan ka cika fom ɗin P85 domin hukumar haraji ta duba ko an cire maka fiye da kima.

Abin da ke rufe ƙofa shi ne wuce ranar fita. Wanda ya zarce da fiye da kwana 30, ko da ya fito da kuɗinsa, za a hana shi shiga na shekara ɗaya. Wanda aka kama da takardar bogi ko ƙarya a fom, haramcinsa na iya kai shekara goma, ko da ejan ne ya cika masa. Kuma laifin ba ya tsayawa kan mai shi. Gwamnati na buƙatar kashi 97 cikin ɗari na mutanen kowane kamfani su fita a kan lokaci. A cikin mutum ɗari, huɗu kawai suka ɓace, kamfanin ya faɗi ƙasa da ma'auni, kuma abin da yakan yi shi ne ya daina ɗauka daga ƙasar da suka fito. Saboda haka ka sayi tikitin dawowa wanda ranar tashinsa ta riga ranar ƙarshe ta biza da 'yan kwanaki, don ko an ɗage tashin jirgi, sannan ka aika wa kamfani hoton katin shiga jirgi da hatimin saukarka a Najeriya.