Ɗan shekara bakwai a kicin: me za a ba shi, me za a hana shi

'Yata shekararta 7, kullum tana manne da ni a kicin. Wane aiki zan ba ta?

Tsintar shinkafa da wake a faranti, tsinke zogale, ɓare gyaɗa, tankaɗe, wanke tumatir, ɓare dafaffen ƙwai bayan ya huce. Ki zaunar da ita kan tabarma nesa da murhu, ta wanke hannu da sabulu tukuna.

Za ta iya gyara mini attaruhu?

A'a. Minti biyu za ta sosa ido, girki ya koma rarrashi.

Namiji fa?

Shi ba ya cin tuwo ne? Ki miƙa masa rariya.

To wuƙa? Ni ina shekarunta nake yanka alayyahu.

Haka kowace uwa ke ce mini, kuma in an duba babban yatsanta sai a ga tabo. Ba zan ce sam ba, amma ya danganta da yarinyar. In ke ma kin san takan waiga da zarar an kira sunanta, ki ƙara mata shekara guda. In mai natsuwa ce, ki fara da wuƙar shafa bota, marar kaifi, da abu mai laushi kamar ayaba ko dafaffen dankali. Matsalar ita ce yankan da muka saba, a riƙe abu a hannu wuƙa na dosar yatsa. Wannan na manya ne. Ita a kan katako za ta yanka, ta lanƙwashe yatsun da ke riƙe da abin. Ki raba mata dankalin biyu, ki kifa gefen da kika yanka a kan katakon don kada ya mirgina. Tumatir yana da ruɗi, laushi gare shi amma wuƙa marar kaifi zamewa take yi a fatarsa. Kuɓewa kuma santsi. Albasa, doya, kabewa da ɗanyen nama duk naki ne. In waya ta yi ƙara, karɓi wuƙar kafin ki ɗaga. Ko da hakan wata rana ƙila ta ɗan yanke. Ki wanke, ki danne da tsumma mai tsabta, kada ki yi ihu.

Ta juya mini talge ko ta jefa ƙosai?

Haba baiwar Allah! Talge yana tsalle, mai yana fantsama, kuma fuskarta daidai bakin tukunya take. Ki cire mata hijabi ma tun kafin ta doshi wuta.

In ta ƙone fa?

Ruwan sanyi na famfo ko na randa, a yi ta zubawa minti 20. Ban da ƙanƙara, manja, man goge baki ko ɗanyen ƙwai. In ƙunar ta fi tafin hannunta girma, ko a fuska take, ko a hannu, asibiti.

Ɓata mini lokaci take yi.

Eh, za ta ɓata. Ki ba ta waken alalar gobe ta tsince yau.